Kundin aiki: mayar da wuraren rijiyoyin burtsatse daga digiri, minti da sakan zuwa digiri mai ɗigo a Excel

Litinin, 3 ga Maris 2025

Jerin rijiyoyin ya iso daga wurare uku: na arewacin Najeriya, na yankin Maraɗi da Damagaram, sai na arewacin Gana da Kumasi. Kowace rijiya na da latitud da longitud, amma an rubuta su da digiri, minti da sakan, yayin da QGIS, inda za a zana taswirar, ya fi karɓar lamba guda mai ɗigo ba tare da gardama ba.

Lissafin kansa gajere ne. Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya kuma sakan 60, don haka digiri ɗaya sakan 3600 ne. A bar digiri yadda yake, a raba minti da 60, a raba sakan da 3600, sannan a tara. Wurin da muka ɗauka na gwaji yana cikin birnin Kano, latitud ɗinsa 11°59'47.4"N. Minti 59 cikin 60 ya ba da 0.983333, sakan 47.4 cikin 3600 ya ba da 0.013167, idan aka haɗa da 11 sai a sami 11.996500. Longitud ɗinsa 8°31'05.2"E ya zama 8.518111. Waɗannan lambobi biyu an kafe su a saman shafi, kuma duk fomular da aka taɓa sai an fara gwada ta a kansu.

Yana da kyau a riƙe tsawon kowane ma'auni a ƙasa, domin da shi ake gane girman kuskure. A daidai Kano digirin latitud kusan kilomita 110.6 ne, minti ɗaya kusan kilomita 1.84, sakan ɗaya kusan mita 31. A digiri mai ɗigo, lamba ta biyar bayan ɗigo tana daidai da mita ɗaya da 'yan kai, ta shida kuwa santimita 11. Mun tsaya a kan lambobi shida.

Tsarin shafi: kwalam A ya riƙe rubutun asali, ba a taɓa shi ko da harafi ɗaya. Kowane mataki na gyara yana da nasa kwalam a gefe. Ana iya cusa komai cikin fomula ɗaya mai tsawon gaske, amma ranar da ta fitar da shirme ba wanda zai san a wace gaɓa ta karye. Za a yi shafi ɗaya na latitud, sannan a kwafi tsarin don longitud.

An shigo da fayilolin CSV ta Data > From Text/CSV, aka zaɓi 65001: Unicode (UTF-8), aka kuma sa kwalam na wurare ya zama Text. Dalili biyu ne. Idan aka buɗe fayil ɗin da danna shi sau biyu kawai, alamar digiri kan fito a matsayin Â°. Na biyu ya fi muni: wanda ya rubuta 8-31-05 yana nufin digiri 8, minti 31, sakan 5, amma Excel mai saitin Amurka zai ɗauke shi ranar 31 ga Agusta 2005, ya ajiye 38595 a ƙarƙashi. Shi kuwa 11-59-47 zai tsira, tun da babu wata mai kwana 59, sai a wayi gari rabin kwalam kwanan wata ne, rabi rubutu.

Laraba, 5 ga Maris

Yau alamomi aka yi fama da su. A ido duk ɗan zoben da ke saman lamba digiri ne, amma a wurin kwamfuta haruffa ne daban-daban. Alamar digiri ta gaskiya lambarta 176. Akwai mai kama da ita mai lamba 186, da wata mai lamba 730. Minti ma haka: wani ya buga alamar madannai mai lamba 39, wani ya kwafo daga Word wanda ya lanƙwasa ta ta koma 8217, wani kuma ya sa alamar minti ta ainihi mai lamba 8242. Sakan na zuwa da 34, ko 8221, ko 8243, ko kuma alamar minti sau biyu a jere. Hanyar gane wacce ce ke cikin akwati ita ce a tambayi lambarta. Ga harafi na uku a A2:

```
=UNICODE(MID(A2,3,1))
```

Fomulolin da ke neman wurin alamar digiri, sannan wurin alamar minti, su yanko abin da ke tsakani, suna faɗuwa da #VALUE! da zarar alama ɗaya ta sauya. Shi ya sa muka bi wata hanya: a mayar da kowace alama tazara, sannan a raba rubutun a kan tazarar. Baƙin alamomin an sauya su da Find and Replace a kan kwafin kwalam A da aka sa a kwalam J, saura kuma wannan fomula ta kwalam B ta share su:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(
J2,UNICHAR(160)," "),"°"," "),"'"," "),CHAR(34)," "),",","."))
```

Lamba 160 tazara ce da ba ta ganuwa, takan biyo rubutun da aka kwafo daga intanet ko PDF, kuma TRIM ba ya cire ta. Wurin gwajinmu ya fito a B2 kamar haka: 11 59 47.4 N.

Sauyi na ƙarshe a fomular, wato waƙafi zuwa ɗigo, saboda jerin Nijar ne. Can ana rubuta 47,4 a inda Najeriya da Gana ke rubuta 47.4. Haɗarin shi ne Excel na Turanci yana ɗaukar waƙafi a matsayin mai raba dubbai, don haka 59,790 sai ya zama dubu hamsin da tara da ɗari bakwai da casa'in, ba tare da wata alamar kuskure ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Kwalam D ya mayar da haruffan N, S, E, W, O da karan ɗori na B tazara, da SUBSTITUTE da TRIM irin na jiya, lambobi uku kaɗai suka rage. Rabawa kuma da tsohuwar dabara aka yi, wadda ke aiki a kowane Excel daga na 2013 zuwa sama: a faɗaɗa kowace tazara ta zama 50, a yanko gutsure mai tsawon 50, a share gefensa.

```
E2: =NUMBERVALUE(TRIM(MID(SUBSTITUTE(D2," ",REPT(" ",50)),1,50)),".")
F2: =NUMBERVALUE(TRIM(MID(SUBSTITUTE(D2," ",REPT(" ",50)),51,50)),".")
G2: =NUMBERVALUE(TRIM(MID(SUBSTITUTE(D2," ",REPT(" ",50)),101,50)),".")
```

TEXTSPLIT ya fi wannan sauƙin karantawa, amma babu shi a Excel 2016 ko 2019, waɗanda har yanzu suke kan kwamfutocin wasu daga cikin masu tattara bayanan. An zaɓi NUMBERVALUE a kan VALUE domin ana gaya masa kai tsaye cewa ɗigo ne mai raba lamba, saboda haka sakamako ba ya canzawa idan aka buɗe fayil ɗin a kwamfuta mai saitin Faransanci. Yana da wata fa'ida: idan aka ba shi rubutu wanda ba komai a ciki, sifili yake bayarwa. Layin da ba shi da sakan sai G ta zama 0, lissafi ya ci gaba.

Ga abokan aiki na Nijar: fayil ɗin da kansa yake juya sunayen fomula idan an buɗe shi a Excel na Faransanci. Sai in za a buga da hannu ne ake buƙatar SUBSTITUE, STXT da SUPPRESPACE, tare da waƙafi mai ruwa a madadin waƙafi.

Litinin, 10 ga Maris

Najeriya da Nijar suna arewa da ikwaita kuma gabas da layin Greenwich, don haka duk lambobinsu ba su da alamar ragi. Mutum zai iya shekara yana aiki da fomular da ba ta san yamma ba, bai taɓa ganin aibinta ba. Jerin Gana ne ke tona ta, domin layin Greenwich ya ratsa ƙasar ta Tema, kuma Tamale da Kumasi duk suna yammacinsa. Kudu da yamma ragi suke ɗauka.

Hanya biyu ake ɓata wannan. Ta farko ita ce a sa ragin a kan digiri kaɗai. Wani wuri a Kumasi na da longitud 1°37'28"W. Idan E ta riƙe -1 aka tara mata minti da sakan, za a sami -1 + 0.616667 + 0.007778, wato -0.375556. Amsar gaskiya -1.624444 ce, domin ragin ya shafi jimlar gaba ɗaya. Tsakanin biyun akwai kusan kilomita 138.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Masu gyara ta farko sukan ninka jimla da SIGN na digiri. Wannan na aiki a Kumasi, amma a Tamale longitud ɗin 0°51'12"W ne, digirinsa sifili. A Excel babu sifili mai ragi: an buga -0, ya koma 0. SIGN(0) kuma sifili ne, sai duk amsar ta zama 0, rijiyar ta hau kan layin Greenwich. In kuwa fomular tana duba ko digiri ya gaza sifili ne, sai ta ga bai gaza ba, ta ba da 0.853333 a madadin -0.853333. Wannan ya kwashe rijiyar kusan kilomita 187 zuwa gabas, ya ajiye ta cikin ƙasar Togo.

Maganin shi ne a karanto alamar daga rubutu, kafin a mayar da komai lamba, a ajiye ta a nata kwalam:

```
C2: =IF(OR(ISNUMBER(FIND(LEFT(B2),"SWO-")),ISNUMBER(FIND(RIGHT(B2),"SWO"))),-1,1)
H2: =ROUND(C2*(E2+F2/60+G2/3600),6)
```

Harafin O na ciki ne saboda masu rubutu da Faransanci da shi suke nuna yamma. An yi amfani da FIND, ba SEARCH ba, domin FIND na bambanta babban harafi da ƙarami. Akwai layukan da aka rubuta kamar 11d59m47s, inda ƙaramin s ke nufin sakan. SEARCH zai ɗauke shi kudu ne, ya tura rijiyar Kano can ƙasa da ikwaita. Haruffan d, m da s su ma an ƙara su cikin abin da kwalam D ke mayarwa tazara. Wanda ya sa ragi ya kuma ƙara W, kamar -0°51'12"W, sau ɗaya kawai fomular ke ba shi -1, wanda shi ne abin da ya nufa.

Abu ɗaya ya rage da wannan fomula ba za ta iya ba. Idan mai buga rubutu ya sa harafin O a gurbin sifili, ya rubuta O8°31', za ta ɗauka yamma ce. Wannan sai gwajin iyaka.

Alhamis, 13 ga Maris

An ƙara kwalam I, mai cewa "duba" idan minti ko sakan ya kai 60. Da aka tace layukan da ya kama, sai ta bayyana cewa ba salon rubutu ɗaya ne a jerin ba, uku ne.

Salo na biyu shi ne digiri da minti mai ɗigo, wanda na'urorin GPS na hannu da yawa ke nunawa, a saitinsu ana ganinsa kamar hddd°mm.mmm'. Wurin gwajinmu a wannan salo N 11°59.790' ne, tun da sakan 47.4 cikin 60 shi ne 0.79. In an kwafe shi daidai, shafinmu na iya da shi: F ta zama 59.79, G ta zama 0, amsa 11.996500. Matsalar tana wurin wanda ya kwafa daga fuskar na'ura zuwa fom mai gida uku, ya ga ɗigo ya ɗauka shi ne ya raba minti da sakan. Sai ya rubuta minti 59, sakan 79. Wannan kwalam I zai kama shi. Amma 8°31.250' da aka rubuta minti 31, sakan 25 zai wuce salin-alin, alhali 0.250 na minti sakan 15 ne. Bambancin sakan 10, wato kusan mita 300, ya isa a sa rijiya a wata unguwa daban.

Saboda haka ba layi-layi ake yanke hukunci ba, sai a duba dukan aikin mai tattarawa ɗaya. Sakan na gaskiya ba ya kaiwa 60. Ɗigon minti kuwa daga 00 zuwa 99 yake tafiya, don haka kusan biyu cikin biyar na lambobinsa za su kai 60 ko su wuce. Idan an ga haka a fom ɗin mutum ɗaya, to duk layukansa minti mai ɗigo ne, har da waɗanda ba su nuna alama ba. Gyara waɗanda suka wuce 60 kawai a bar saura shi ne mafi munin zaɓi, domin ya goge shaidar ya bar cutar. Irin waɗannan an ware su a shafi daban, an nemi a turo hoton takardar asali, tun da sau da yawa lamba ta uku bayan ɗigo ta ɓace wajen kwafa.

Salo na uku an gaje shi ne daga na'urar lissafi ta masu safiyo, inda ake dunƙule komai: 11.59474 na nufin 11°59'47.4". A ido kamar an riga an gama juya shi. Wanda ya ɗauke shi haka ya rage 0.40176 na digiri, fiye da kilomita 44 kudu da inda rijiyar take. Ana gane shi da irin gwajin baya: a kwalam mai tsawo, idan lambobi biyu na farko bayan ɗigo ba su taɓa wuce 59 ba, haka ma na uku da na huɗu, to dunƙulallen salo ne. Kwance shi:

```
K2: =ROUND(ABS(A2)*10000,2)
L2: =INT(K2/10000)+INT(MOD(K2,10000)/100)/60+MOD(K2,100)/3600
```

K2 ta ba da 115947.4, L2 ta ba da 11.9965. ROUND ɗin yana da aiki: kwamfuta ba ta ajiye lamba kamar 8.2 cif-cif, ninkin ta da 100 kan tsaya ƙasa kaɗan da 820, kuma yanke irin wannan lamba na iya cinye minti guda cur.

Litinin, 17 ga Maris

Gwajin iyaka. Kowa ya san a duba cewa latitud bai wuce 90 ba, longitud bai wuce 180 ba, amma wannan ba ya kama komai a jerinmu. Ko iyakar ƙasa ba ta isa ba. Najeriya tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa, da kuma kusan digiri 3 zuwa 15 gabas, wato lambobin latitud da na longitud sun yi kama da juna. Idan aka musanya kwalam biyun, wuri ba ya faɗawa teku balle a lura.

Wurin gwajin Kano in aka juya shi ya zama 8.518111 arewa, 11.996500 gabas. Wannan a jihar Adamawa yake, wajen Ganye. Maiduguri, mai kusan 11°50' arewa da 13°09' gabas, in aka juya ta sai ta koma arewacin Yobe, dab da iyakar Nijar. A taswirar ƙasa baki ɗaya duka biyun ba za su ɗaga wa kowa gira ba.

Don haka an gina ƙaramin teburi mai suna Iyaka: sunan jiha ko yanki, sai mafi ƙanƙanta da mafi girman latitud da longitud, da ɗan rara a kowane gefe. Na jihar Kano an sa 10.4 zuwa 12.7 arewa, 7.6 zuwa 9.5 gabas. Kowane layi na ɗauko iyakar jiharsa da VLOOKUP ya gwada kansa. Wannan gwaji ɗaya ya kama musanyar kwalam, ya kama harafin O da aka sa a gurbin sifili, ya kuma kama layukan Gana da aka manta ba a sa musu W ba. Inda ya gaza shi ne gabashin ƙasa, a yankunan da latitud da longitud suka yi kusa da juna, misali 11.7 da 11.9. Can ko an juya su wurin na nan cikin jiharsa, sai dai a gwada da iyakar ƙaramar hukuma ko a duba sunan gari a kan taswira. Layukan Yobe da na gefen Gombe da Borno an sa musu alamar a duba su da ido.

Alhamis, 20 ga Maris

An yi gwajin komawa baya: a mayar da sakamako zuwa digiri, minti da sakan a ga ko ya dace da kwalam A. Tun da awa ma minti 60 ce da sakan 3600, tsarin lokaci na Excel na iya yin aikin:

```
=TEXT(ABS(H2)/24,"[h]:mm:ss.0")
```

Wurin gwaji ya dawo 11:59:47.4. Wannan na tabbatar da cewa rabawa da tarawa sun yi daidai, amma ba ya cewa komai a kan ko abin da aka rubuta a A gaskiya ne.

Kafin fitarwa an kwafi kwalam na sakamako aka manna da Paste Special > Values a sabon shafi. Fayil na CSV abin da ake gani a akwati yake ajiyewa, don haka idan an saita akwatin ya nuna lamba biyu bayan ɗigo, 11.996500 zai fita 12.00, an yi asarar kusan mita 390. An saita kwalam biyun su nuna lamba shida. A QGIS, wajen Add Delimited Text Layer, X field longitud ne, Y field latitud, tsarin kuma EPSG:4326. Google Maps latitud yake so a gaba, shi ya sa aka sa wa kwalam suna a fili, ba a dogara da jerinsu ba.

An ƙara kwalam mai nuna yadda asalin awon yake. Wurin da aka rubuta da cikakken sakan ba ɗigo, ƙwarinsa bai wuce na mita 31 ba, ko da ya fito da lamba shida bayan ɗigo. Wanda aka rubuta da digiri da minti kaɗai kuwa zai iya kaucewa da kusan kilomita ɗaya ta kowane gefe, ba za a aika mai gyaran famfo da shi ba.

Aikin da ya rage shi ne layukan da aka ɗebo daga tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya. Waɗannan a kan tsarin Minna aka auna su, GPS kuwa da WGS 84 yake aiki. A yankin Kano bambancin ya kai kusan mita 80, mafi yawansa ta gabas da yamma, kuma raba minti da 60 ba ya taɓa shi. Za a juya su zuwa digiri mai ɗigo da fomulolin nan dai, a fitar da su a fayil nasu, a shigar da su QGIS a matsayin EPSG:4263, sannan a sake ajiye su a EPSG:4326 kafin a haɗa da saura. Layukan da aka ware ranar 13 ga wata suna jiran hotunan takardun asali.